Nebukadnezzar a Ƙofar Samariya

Da yawa a cikinku lokacin jarrabawa ne gare ku yanzu, waɗansu kuma kun fara koyarwa a makarantu. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin abin da ya same mu wata safiyar Alhamis a kwalejin tauhidi inda muke hidima. Tun farko mu gaya muku cewa labarin bai ƙawata mu ba. Wanda ya fita da farar fuska a cikinsa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin malamai, mu kuwa da muke sa farar kwala a wuya, kunya muka sha.

Ga yadda takardar jarrabawa take tafiya a wurinmu kafin ta kai hannun ɗalibi. Malamin da ya koyar da darasi shi ne yake tsara tambayoyi, ya haɗa da jagorar ba da maki, wato takardar da ke nuna amsar da ake nema da makin kowane sashe. Sai ya miƙa wa ofishin jarrabawa, mai buga rubutu ta buga a kwamfuta. Daga nan kwamitin tantancewa ya zauna, mutum uku, su karanta, su sa hannu. Bayan haka ne ake gurza adadin da ake bukata, a zuba a ambulan, a manne, a buga hatimi a bakinta, a kulle a kabad. Ba a buɗe ambulan sai saura minti goma sha biyar, a cikin zauren jarrabawa, a gaban ɗalibai biyu da za su shaida cewa hatimin bai taɓu ba. A wancan zangon karatu, mu ne mutum ukun nan na kwamiti.

Darasin shi ne Tarihin Isra'ila, na 'yan shekara ta biyu a sashen Hausa. Ɗalibai 58 ne, an raba su zaure biyu, 34 a babban aji, 24 a ɗakin da ke bayan ɗakin karatu. Mai darasin kuwa wani dattijon Rabaran ne da kowa yake kira Baba. Ya koyar da biyu daga cikin mu uku. Ranar ba ya nan, ya tafi ƙauye jana'izar ƙaninsa, wurin da waya ba ta shiga sai mutum ya hau dutse.

Mai tsaron babban ajin wani matashin malami ne, bai cika shekara da ɗaukar aiki ba. Helenanci yake koyarwa, Tsohon Alkawari ba fanninsa ba ne, shi ma kuma ɗalibin Baba ne. Ƙarfe tara saura kwata ya kira ɗalibai biyu, suka duba hatimi, ya yage ambulan, ya fara ƙirga takardu don ya tabbata sun kai 34. Mai ƙirga ba karatu yake yi ba, gefen takarda kawai yake ɗagawa. Amma takardar da ke sama tana kallonsa, idonsa kuma ya sauka a kan tambaya ta ɗaya, wadda dole kowa ya amsa. Ga abin da aka rubuta:

"A shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, Samariya ta faɗi a hannun Nebukadnezzar. (a) Wane ne sarkin ƙarshe na wannan mulki, me kuma ya yi da ya jawo yaƙin? (b) Waɗanne dalilai ne marubucin Littafin Sarakuna ya bayar na wannan faɗuwa? (c) Su wane ne aka kawo suka zauna a ƙasar, yaya kuma sujadarsu ta kasance?"

Ku dakata ku sake karantawa kafin ku ci gaba. Mu uku mun karanta wannan jimla a zaune, da shayi a gabanmu, babu wanda ya ga kome.

Bayan rasuwar Sulemanu mulkin ya rabu biyu. Na arewa shi ne Isra'ila, wanda daga baya sarki Omri ya gina masa babban birni a kan tudun Samariya. Na kudu shi ne Yahuza, da Urushalima da Haikali. Ba rana ɗaya suka faɗi ba, ba kuma a hannun mutum ɗaya ba. Samariya Assuriyawa ne suka ci ta, wajen 722, bayan sun kewaye ta shekara uku, labarin yana 2 Sarakuna sura 17. Urushalima kuwa Babilawa ne suka ƙone ta a ƙarƙashin Nebukadnezzar, a 586, waɗansu masana suna cewa 587, labarin yana sura 25. Tsakaninsu shekara 136 ke nan. Nebukadnezzar bai hau gadon sarauta ba sai 605. Ranar da Samariya ta faɗi ba a ma haife shi ba. Kamar a ce maka wani sarkin da ke mulki yau shi ne ya tarbi Turawan mishan na farko da suka iso ƙasar nan.

Malamin ya gaya mana daga baya cewa abin da ya fara zuwa masa shi ne shakkar kansa. Baba ya shekara fiye da ashirin yana koyar da wannan darasi, manya uku sun sa hannu, wane ne shi? Ya ɗauki Littafi Mai Tsarki na ɗaya daga cikin ɗaliban, cikin waɗanda aka tara a tebur a bakin ƙofa, ya buɗe sura 17, ya bi ayoyi shida na farko da yatsa. Assuriya, Assuriya, Assuriya. Lokacin ƙarfe tara saura goma sha ɗaya.

Hanyoyi uku masu sauƙi suna gabansa, kowacce kuma tana da hujjarta. Yana iya yin shiru, gama dokarmu ta ce mai tsaro ba ya fassara tambaya, ba ya kuma canza ko wasali ɗaya. Da ya raba takardun ya zauna, babu mai tuhumarsa. Yana iya ɗaukar alli ya gyara a allo da kansa, amma da 'yan ajinsa 34 sun amsa tambaya ɗaya, 'yan ɗaya ɗakin 24 sun amsa wata dabam, alhali ma'auni ɗaya za a auna su da shi. Yana kuma iya yin abin da masu tsaro da yawa suke yi idan ɗalibi ya ɗaga hannu, su ce masa, "Ka amsa yadda ka fahimta." Wannan magana tana kama da adalci, amma jefa wa ɗalibi kayan da ba nasa ba ne.

Bai bi ko ɗaya ba. Ya mai da takardun cikin ambulan, ya damƙa wa mataimakiyarsa, ya ce kada ta raba ko ɗaya sai ya dawo. Ya ninke guda ɗaya ya sa a aljihu. Ya leƙa ɗaya ɗakin ya roƙi mai tsaron can ya dakata shi ma, bai faɗi dalili a gaban ɗalibai ba. Sa'an nan ya ruga zuwa ofishin jarrabawa, inda ya tarar da biyu daga cikinmu.

"Rabaran, ku gafarce ni," ya ce, yana haki. "Ina ganin akwai abin dubawa a tambaya ta ɗaya. Mai yiwuwa ni ne ban gane ba."

Muka karɓa muka karanta. Da aka nuna mana wurin, ko daƙiƙa biyar ba mu yi ba muka gani. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Ɗayanmu ya dubi agogo ya ce, "Malam, ɗalibai za su gane ai. Bar shi haka, in an zo maki sai a daidaita." Ba za mu ɓoye muku ba, bakin da ya faɗi wannan magana shi ne na mai rubuta muku yau.

Me ya sa muka faɗi haka? A baki, lokaci muke tsoro. A zuci kuwa, mun san cewa duk gyaran da aka yi a zauren jarrabawa sai an cika masa fom na rahoto, rahoton kuma yana zuwa gaban hukumar kwaleji da mai duba jarrabawa na waje. Sa hannunmu uku yana ƙasan takardar nan. Akwai kuma Baba, wanda yake can yana binne ɗan'uwansa. A rubuta a allo, gaban yaran da yake koyarwa, cewa takardarsa da kuskure? Mun lulluɓe tsoron kunyarmu da rigar girmama dattijo, har mu kanmu muka kusa yarda cewa ladabi ne.

Malamin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Rabaran, wanda bai yi karatu ba ne zai wuce bai lura ba. Wanda ya yi karatu shi ne zai tsaya."

Gaskiyarsa ke nan, bari kuma mu nuna muku yadda abin yake aiki, don wata rana ku ma za a ce muku "za a daidaita a wurin maki." Tambayar nan tana da maki 30 cikin 70 na jarrabawar. Ku ɗauki ɗalibar da ta san darasinta sosai. Ta karanta jimlar farko, ta ga Samariya da 722 suna nuna arewa, sunan sarki kuma yana nuna kudu. Tunaninta na farko ba zai zama "Baba ya yi kuskure" ba. Zai zama, "Ni ce na rikice?" ko kuwa, "Tarko ne aka ɗana mana?" Za ta ɓata minti goma ko fiye tana juya abin, ta shiga sauran tambayoyi da zuciya a dagule. Babu alƙalamin maki da zai mayar mata da wannan.

Sa'an nan ku ɗauki wanda sunan Nebukadnezzar ne kaɗai ya kama a kansa, don shi ne sunan da kowa ya sani tun makarantar Lahadi. A sashen (a) zai rubuta Zadakiya, da tawayensa, da yadda aka kama shi a filayen Yariko aka kai shi Ribla, aka kashe 'ya'yansa a gabansa, aka ƙwaƙule masa idanu. Duk gaskiya ne, amma jagorar maki tana neman Hosheya, wanda ya daina biyan haraji ga Assuriya ya aika neman taimako wurin sarkin Masar. A sashen (b) zai ɗan tsira, gama zunuban arewa da na kudu sun yi kama: gumaka, masujadai a kan tuddai, ƙin jin annabawa. Ko a nan ma akwai bambanci, don a arewa marubucin yana komawa ga maruƙan zinariya na Yerobowam, a kudu kuwa ga zunuban Manassa. A sashen (c) ne zai faɗi ƙasa warwas, domin Babilawa ba su kawo baƙi su zauna a Yahuza ba. Sun kwashe manya da masu sana'a, suka bar matalauta su yi noma su kula da gonakin inabi, suka naɗa Gedaliya ya lura da su. To, mai maki zai kayar da wannan ɗalibi ne, alhali ya bi sunan da muka rubuta masa da hannunmu? Ko zai ba shi maki a kan tambayar da ba a yi ba? Duk wanda ya zaɓa, ya zalunci wani.

Akwai na uku, wanda shi ya fi damunmu yanzu da muke tunani. Shi ne wanda zai karanta, ya gaskata, ya rubuta amsarsa lafiya lau, ya fita da sabon ilimi cewa Nebukadnezzar ne ya ci Samariya. Bayan shekara biyu yana kan bagade a wata ikkilisiyar ƙauye inda babu mai Littafi Mai Tsarki sai mutum biyar. Abin da ɗalibi ya gani a takardar jarrabawa yana zama a kansa fiye da abin da ya ji a aji, don ya karanta shi da dukan hankalinsa.

Saura minti shida. Muka gwada wayar Baba sau biyu, ba ta shiga. Dokar ta ba shugaban kwamiti ikon yin gyara idan ba a sami mai darasi ba, da sharaɗin cewa gyaran bai canza abin da ake tambaya ba. Saboda haka dole mu tabbata wane mulki Baba yake nufi, ba mu zaɓa masa ba. Takardar da kanta ta ba da amsa. Samariya ɗaya, 722 biyu, sashen (c) uku, gama kawo waɗansu al'ummai a zuba a ƙasar da aka ci, al'adar Assuriya ce. Sura 17 ta lissafta inda aka kwaso su, har da Babila kanta, da Kuta, da Hamat, ta kuma ba da labarin zakunan da suka addabe su har aka komo da firist guda ya zauna a Betel ya koya musu. Shaidu uku a kan ɗaya. Muka buɗe kabad muka zaro jagorar maki, layin farko Hosheya ne. Magana ta ƙare.

Sai ɗayanmu ya ɗauki biro zai rubuta "Shalmanesar" a maimakon Nebukadnezzar. Nan ma malamin ya sake tsai da mu, cikin ladabi. Ya tuna abin da Baba ya koya musu da bakinsa. Littafin Sarakuna ya ambaci Shalmanesar a matsayin wanda ya taso wa Hosheya, amma a ayar da aka ci birnin bai kira suna ba, sarkin Assuriya kawai ya ce. Shalmanesar ya mutu a daidai wannan lokaci, wanda ya gaje shi kuma, Sargon na biyu, ya rubuta a tarihinsa cewa shi ne ya ci Samariya ya kwashe mutum fiye da 27,000. Har yau masana suna tattauna wanne ne ya gama aikin. Da mun rubuta suna, da mun fitar da ɗalibai daga rami mun jefa su cikin gardama. Muka rubuta abin da nassin ya tsaya a kai: "sarkin Assuriya."

Muka kwafi gyaran a takardu biyu, kalma ɗaya ba ta bambanta ba, shugaban kwamiti ya sa hannu da lokaci. Ɗayanmu ya bi malamin zuwa babban aji, ɗayan ya tafi ɗakin baya. Aka raba takardu a kife. Aka rubuta a allo: "Tambaya ta 1, layi na farko: a soke 'Nebukadnezzar', a rubuta 'sarkin Assuriya'." Aka karanta da murya sau biyu, aka ce kowa ya juya takardarsa ya gyara da hannunsa, masu tsaro suka bi layi layi suna dubawa. Ba a yi bayani ba, ba a ambaci sunan kowa ba. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wato ba Babila ba ce?" Malamin ya amsa, "Abin da ke allo shi ne gyaran." In ya ƙara kalma ɗaya a kan wannan, ya fara koyarwa ke nan a ɗaki ɗaya ban da ɗayan. Aka fara ƙarfe tara da minti bakwai a ɗakuna biyun, aka rubuta a allo cewa za a tashi sha biyu da minti bakwai.

Da a nan labarin ya tsaya, da mun ce mun yi tuntuɓe mun miƙe. Amma da rana muka zauna cika fom ɗin rahoto. Akwai layin da ake rubuta musabbabin kuskure. Ba tare da dogon tunani ba muka rubuta, "Kuskuren buga rubutu." Har mun ƙulla labarin a kanmu: bara tambayar a kan Urushalima ce, watakila mai buga rubutu ta buɗe fayil ɗin bara, ta canza birni da shekara, ta manta sunan sarki. Labari ne mai kyau, yana da ma'ana, yana kuma wanke kowa ban da mace guda da ba ta cikin ɗakin, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, wadda aikinta na kwantiragi ne da ake sabuntawa shekara shekara.

Mai tsaro ma yana sa hannu a rahoton. Malamin ya karanta, ya riƙe biro, bai rubuta ba. Ya ce, "Rabaran, mun duba rubutun hannun Baba kuwa?"

Ba mu duba ba. Yana cikin fayil ɗaya da jagorar maki, a kabad ɗin da muka buɗe da safe. Muka zaro. Ga rubutun Baba, mai kwanciya gefe, da shuɗin biro, ga Nebukadnezzar a layin farko ɓaro-ɓaro. Mama mai buga rubutu ta buga abin da aka ba ta ne daidai, harafi bi harafi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu kam mun taka namu, mun hango wanda ma babu shi.

Littafin Karin Magana ya yi magana fiye da sau ɗaya a kan ma'aunin algus, cewa Ubangiji yana ƙyamarsa. Mun sha yin wa'azi a kan wannan muna nufin 'yan kasuwa masu bubbuge gindin mudu. Ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa takardar jarrabawa mudu ce ba, fom ɗin rahoto ma haka. Muka yage fom ɗin muka ɗauki sabo. A layin musabbabi muka rubuta cewa kuskuren yana cikin rubutun asali, kwamitin tantancewa kuma bai gano shi ba. Rubuta rabin jimlar na biyu ya fi na farko wuya.

Mun tambayi kanmu yadda mutum uku masu digiri a tauhidi suka karanta jimla irin wannan suka wuce. Amsar ba ta da daɗi, amma mai sauƙi ce. A zaman kwamiti abin da muke dubawa shi ne ko makin ya haɗu ya kai 70, ko tambayoyin sun taɓa dukan manhaja, ko umarnin a fili yake, ko akwai kuskuren rubutu. Ranar takardu goma sha huɗu muka duba cikin awa biyu. Da muka ga sunan Baba a sama, idonmu ya saki jiki. Jimlar kuma ba ta da baƙon abu ko ɗaya a cikinta: Samariya sananniya ce, 722 daidai ne, Nebukadnezzar sunan da ke tafiya da kalmar "faɗuwa" ne a kunnen duk mai karatun Littafi. Kowane guntu gaskiya ne, haɗin ne ƙarya. Irin wannan kuskure ido ba ya kama shi sai mutum ya tsaya ya yi ƙoƙarin amsa tambayar da kansa. Mu kuwa karantawa muka yi, ba amsawa ba.

Ba kowa ne ya yaba wa malamin ba. Wani babba a cikin malamai ya ce yaron ya yi rawar kai, da ya bari Baba ya dawo a gaya masa a ɓoye, kamar yadda Bilkisu da Akila suka ja Afolos gefe a Afisa suka ƙara masa haske, ba su ƙaryata shi a gaban jama'a ba. Misalin yana da kyau, amma a ganinmu bai zauna a nan ba. Afolos yana nan, ana iya jan sa gefe, akwai kuma gobe. A nan mutum 58 ne za su ɗora makinsu a kan jimlar cikin minti goma. Bulus ma da ya ga halin Bitrus a Antakiya yana jan waɗansu zuwa kuskure, a gaban kowa ya yi magana. Abin da muka lura shi ne malamin ya raba abu biyu da mu muka cakuɗa. Jimlar ya gyara a fili, gama a fili za ta yi ɓarna. Mutumin kuwa bai taɓa shi ba: bai ambaci sunan Baba a zaure ba, bai yi dariya ba, bai kai labarin ɗakin shan shayi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Baba ya dawo ranar Litinin. Mu muka je gidansa da yamma, muka yi masa gaisuwar rashi, sa'an nan muka ajiye masa rubutunsa da kwafin rahoton. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce ya rubuta tambayoyin ne a asibiti, a kan benci, a makon da ƙaninsa yake kwance. Bai faɗi haka don neman uzuri ba, kamar yana tuna wa kansa ne. Sai ya tambaya wa ya gani. Muka faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce, "To." Bai ƙara ba. Ba za mu ce muku ya yi murna ba. Kwana da yawa yana amsa gaisuwar malamin a taƙaice, malamin kuma ya shiga damuwa, har ya zo ya tambaye mu ko ya je ya ba da haƙuri. Muka ce ya je ya gaishe shi, amma kada ya nemi gafarar abin da ba laifi ba.

Da Baba ya gama maki, ya kawo takardun ofis da kansa. Cikin 58, huɗu sun rubuta Nebukadnezzar a cikin amsarsu duk da gyaran da suka yi da hannunsu a saman takarda. Uku daga ciki sauran amsarsu a kan Hosheya da Samariya ce, sunan ne kawai ya kuɓuce musu. Baba ya ja layi a ƙarƙashin sunan, bai rage musu kome ba, ya ce ba zai hukunta yaro a kan ramin da shi ya fara faɗawa ba. Na huɗun ya rubuta labarin Zadakiya ne daga farko har ƙarshe, ya sami abin da ya samu a sashen (b) kaɗai. Ya kawo ƙara, kwamiti ya duba takardar tambayoyinsa, ga gyaran da rubutunsa, ƙarar ba ta tsaya ba.

Tun daga wancan zango, kowace takarda sai an ba wani malami da ba shi ya tsara ta ba, ya zauna da Littafi Mai Tsarki a buɗe ya amsa ta a taƙaice kamar ɗalibi, kafin kwamiti ya sa hannu. Yana cin kusan minti arba'in a kan kowace takarda, malamai kuma suna gunaguni. Mama mai buga rubutu ba ta san an taɓa rubuta aikinta a wancan layi ba sai da muka je muka gaya mata da bakinmu. Ta dube mu, ta ce, "Allah ya kyauta, Rabaran," ta ci gaba da bugunta. Da zangon ya zagayo aka zo rabon wanda zai amsa takardar wa, Baba ya turo tasa a ambulan, ya rubuta sunan malamin Helenancin a bayanta.